Wasiƙa kan ruwan gida: tankin roba, na siminti ko burtsatse

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni wanne za ka yi tunda gida na ƙara cika. Ka fara raba su tukuna: burtsatse ce kaɗai ke samar da ruwa, tankunan nan biyu ajiya kawai suke yi. Ko ka haƙa rijiyar ma, sai ka ɗora tanki.

Yi lissafi da lita 50 ga kowane mutum a rana. Ku 12 ne yanzu, lita 600 ke nan. In kun kai 20, lita 1,000. Tanadin kwana biyu kuwa lita 2,000.

Tankin roba mai lita 2,000 in ya cika, nauyin ruwansa tan 2 ne. Yawancin waɗanda ke tsagewa, mazauninsu ne ya ci amanarsu: an ɗora su kan ƙarafa biyu ko uku, tsakiyar gindin na lilo. Gindin gaba ɗaya ya zauna kan shimfiɗa mai sumul, ba tudu ba tsini. Ka zaɓi wanda haske ba ya ratsawa, in ba haka ba gansakuka za ta kama cikinsa. Abin da ya sa na fi son sa ga gida irin naka shi ne, in jama'a ta ƙaru sai ka sayo na biyu ka haɗa su da bututu ta ƙasa.

Na siminti ya fi sanyaya ruwa, ya fi daɗewa, amma girman da ka zuba shi ke nan. Yana son rodi, da yaɓen siminti kashi 1 yashi kashi 3, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7. In aka yi gaggawa zai tsage, musamman a kusurwa. Kafin a binne gefensa, a cika shi, a yi alama, a duba bayan kwana biyu.

Burtsatse kuwa, kada zurfinta ya ruɗe ka. Tambayi lita nawa take bayarwa a awa, kuma a gwada da injin jan ruwa na sa'o'i da dama, zai fi kyau da rani. A ce tana ba da lita 500 a awa, awa 4 ta cika maka tankin. Amma in aka zura mata injin da ke jan 1,500, zai ƙafar da ita, ya shaƙi iska, ya ƙone. Alamarsa ruwa ya riƙa zuwa yana yankewa, da kumfa ko yashi. Burtsatsen ta yi nisa da masai da kamar mita 30, kuma a kai ruwan gwaji kafin a sha.

In ruwan da kuke samu yanzu yana zuwa ko sau biyu a mako, fara da robar. Sai ranar da tanki ya yini babu abin zuba masa za ka nemi masu haƙa.

A gaida mutan gida.

Naka,
Amininka