Sanarwa Kan Rajistar Littattafan Laburare da Binciken Ƙarshen Zango

Assalamu alaikum malamai da ƴan kwamitin laburare. Kafin mu fara binciken shekara a ƙarshen zango na uku, ina tunatar da mu yadda ake aiki da rajistar shigar littattafai.

Kowane kwafi lambarsa daban, ko da sunan littafin ɗaya ne. Idan an kawo kwafi 20 na littafin lissafi na aji ɗaya, kuma lamba ta ƙarshe a rajista ita ce 1340, sai su ɗauki 1341 zuwa 1360, kowanne da layinsa mai ɗauke da ranar shigowa, marubuci, sunan littafi, inda aka samo shi da kuɗinsa. A rubuta lambar a bayan shafin suna, a maimaita ta a wani shafi na ciki, domin bango ne ke fara yagewa.

Ranar bincike mutum ɗaya zai kira lambar kowane littafi da ke kan kanta, ɗayan ya yi alama da fensir a rajista. Wanda ba a gani ba, kada a rubuta ya ɓace sai an duba littafin aro da ofishin malamai, inda galibi suke maƙalewa. Idan bai fito ba har binciken baɗi, sannan a tabbatar da biro. Wanda gara ta ci ko ruwa ya jiƙa, a rubuta irin lahaninsa a gurbin bayani, shugaban makaranta ya sa hannu kafin a cire shi.

Lambar littafin da aka cire ba a sake ba wa wani ita, ko da wanda aka saya a madadinsa ne.

Na gode.