Godiya Ga Hajiyar Da Ta Shirya Mana Bitar Adana Wake

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kin huta gajiyar taro, ke da ma'aikatanki.

Na rubuto ne in yi godiya, kuma na ga ya dace in yi ta a bainar jama'a, domin irin bitar da kika shirya mana a kan adana wake ba kasafai ake samunta ba. Mu da muke sayen wake da kaka mu ajiye zuwa bazara mun saba da wani irin taro: a kira mutane otal, a ce ƙarfe tara, manyan baƙi su iso bayan azahar, a yi ta zuba Turanci a majigi, a ɗauki hoto gaban kyalle, a sa hannu a takardar kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Da wannan zaton na zo. Sai na tarar an fara a kan lokaci, da Hausa, kuma maimakon majigi ga wake a tabarma, ga buhuna, ga igiya.

Abin da na tafi da shi gida shi ne bayanin malamin gonan nan matashi a kan buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai leda a ciki. Da yawanmu mun ɗauka akwai magani a jikin ledar. Ya ce babu ko ɗigo. Buhun hawa uku ne, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kuma aikinsa kawai ya hana iska shiga. Ƙwarin da suka biyo waken daga gona su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina hayayyafa, su mutu. Saboda haka duk abin da ya bar iska ta koma ciki ya lalata aikin.

Wata baiwar Allah ta tashi ta ce ita ta gwada bara, wakenta ya yi ƙwari, kuɗinta ya tafi a banza. A wani wurin da an ce mata a haɗu bayan taro. Shi kuwa ya ce: "Mama, zo ki ɗaure wannan yadda kika ɗaure naki." Ta haɗa bakin ledojin da na buhun ta ɗaure su lokaci guda. Ya tambaye ta ko tana buɗewa, ta ce duk Juma'a tana ɗibar tiya ɗaya ta abinci. Ya ce to ga matsalar guda biyu. Bai kunyata ta ba, ya durƙusa ya nuna mata: a bar sarari a saman buhu, a matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Na cin gida kuma a ware shi daban, na ajiya a bar shi rufe aƙalla wata biyu.

Kafin a zuba wake ma akwai aiki. Ya sa kowannenmu ya cika leda da iska ya riƙe bakinta ya danna, in ta saki to akwai huda, ko da ido bai gan ta ba. A sheƙe waken sosai, domin tsinke ko tsakuwa mai kaifi kan huda ledar daga ciki. Kuma sai ya bushe ƙarau. Gwajin da ya nuna mana ba ya cin ko sisi: busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a sa busasshen gishiri cokali biyu, a girgiza, a bar ta minti goma sha biyar. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da shi shanya. Buhun kuma a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera.

Abin da ke ba ni takaici, Hajiya, shi ne yadda wannan ilimin bai kai inda ake buƙatarsa ba. Har yau akwai masu yayyafa wa wake maganin ƙwarin da ba a yi shi don abinci ba, su kai kasuwa, mu ci da 'ya'yanmu. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Masu sayar da buhun kansu da yawa ba sa iya gaya maka yadda ake ɗaure shi, miƙo kuɗi kawai suka sani, ga kuma na jabu mai siririyar leda da ake cusa wa mutanen ƙauye.

Roƙona ɗaya: in za ku sake yi, ku yi kafin a fara roron wake, kuma ku kai shi kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, domin matan da ke ajiya a gida ba za su iya zuwa gari ba. A miƙa gaisuwata ga malamin nan. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin mahalarta, mai harkar wake a Dawanau.