Wasiƙa ga ɗana kan shiga jami'a kai tsaye da bin hanyar share fage

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa, na ga saƙonka inda ka ce abokanka sun ba ka shawarar ka bar maganar sake rubuta jarrabawa, ka nemi shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu. Na zaɓi in amsa maka a rubuce domin ka karanta a tsanake, tunda a waya ba ka barina in kai aya.

Abin da ake kira shiga kai tsaye, wanda za ka gani a shafin JAMB da sunan Direct Entry, ba ƙofa ba ce da aka buɗe domin wanda sakamakonsa na sakandare ya yi rauni. Ƙofa ce ta wanda ya riga ya mallaki wata takardar da ta fi ta sakandare, kamar difloma ta shekara 2 daga kwalejin kimiyya da fasaha, ko NCE ta shekara 3 daga kwalejin ilimi, ko sakamakon IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko na takwaransa JUPEB. Kai kuwa ba ka da ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka idan abokanka suka ce ka shiga kai tsaye, abin da suke nufi a zahiri shi ne ka je ka yi kusan shekara guda kana karatun IJMB a darussa 3, sannan ka sayi fom ɗin JAMB na masu shiga aji biyu. Share fage kuwa, wanda ɗalibai ke kira rimediyal, shi ma kusan shekara guda ne, amma ana maimaita maka karatun sakandare ne domin a ƙarfafa tushenka, kuma aji ɗaya yake kai mutum, bayan ya sake rubuta UTME, wato jarrabawar JAMB ta masu shiga aji ɗaya. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua tana gudanar da duka biyun, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukarsu abu guda.

Yanzu mu dubi takardunka, domin a nan maganar take. Kana son karanta ilimin ƙananan halittu, wanda ke buƙatar kiredit 5 a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Kiredit yana tsayawa ne a C6; D7 da E8 ana kiransu ci, amma jami'a ba ta lissafa su a cikin biyar ɗin. A WAEC ka samu C6 a Turanci, B3 a Bayoloji, C5 a Fiziks, D7 a Lissafi, E8 a Kemistiri. A NECO Lissafinka ya tashi zuwa C6, amma Kemistiri ya tsaya a D7, Turanci kuma ya sauka zuwa D7. Ko an haɗa takardun biyu, kiredit 4 gare ka a darussan da ake nema. A1 ɗin da ka samu a Hausa ya faranta mini rai ƙwarai, sai dai ba zai cike gurbin Kemistiri ba.

Wannan giɓin yana nan yana jiranka a ƙarshen kowace hanya ka bi, domin mai shiga aji biyu ma sai ya nuna kiredit ɗinsa 5 a ranar tantancewa. Ɗan wani abokin aikina ya yi IJMB ya samu maki 11, sakamako mai kyau idan ka san cewa A maki 5 ce, B 4, C 3, D 2, E kuma 1, amma aka mayar da shi gida saboda Lissafinsa na sakandare D7 ne. Cibiyar da ya yi karatun ta karɓe shi da alkawarin zai gyara kafin ƙarshen shekara, nauyin karatu ya danne shi, bai gyara ba.

Akwai kuma tarkon zama biyu, wanda nake so ka lura da shi sosai. Za ka iya cewa tunda kana da Lissafi a NECO, Kemistiri kaɗai ya rage ka sake. Idan ka yi haka, Turancinka na WAEC, Lissafinka na NECO, Kemistirinka na sabuwar jarrabawa, zama 3 ke nan, kuma ba za a karɓa ba. Dole ne takardu biyu kacal su ɗauki darussan biyar, wato ka ajiye NECO gefe, ka riƙe WAEC saboda Turanci da Bayoloji da Fiziks, sabuwar jarrabawar kuma ta kawo Lissafi da Kemistiri tare. Na fi so ma ka yi rajistar duka biyar ɗin, ko Allah zai sa su fito a zama ɗaya.

Ban ɓoye maka cewa IJMB tana da riba ba. Wanda ya ci ta yana kammala kwas na shekara 4 a cikin shekara 4 har da ta IJMB ɗin, alhali mai share fage sai ya yi 5, kuma sakamakon IJMB jami'o'i da yawa na karɓarsa, yayin da na share fage galibi ba ya aiki sai a jami'ar da ta shirya shi. Amma Kemistirin da ake koyarwa a IJMB na matakin ajin farko na jami'a ne, ana kuma gudu da shi. Kai da kanka ka faɗa mini cewa daidaita lissafin sinadarai ne ke ruɗa ka, kuma a kansa ake gina duk abin da zai biyo baya. Wanda bai iya tafiya ba ba a ɗora masa gudu. Ga shi kuma guraben aji biyu ba su kai na aji ɗaya yawa ba, kuma za ka yi takara ne da masu difloma da NCE. Da a ce kiredit ɗinka sun cika, makin UTME ne kawai ya gaza, da ni zan fara ce maka ka tafi IJMB, domin ga irin wannan ɗalibin ta fi dacewa.

Don haka ra'ayina shi ne ka nemi share fage a jami'ar da kake son zama a cikinta, tunda darussan da za a koya maka su ne waɗanda za ka rubuta a jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, su ne kuma za su fito maka a UTME. Karatu ɗaya zai yi maka aiki uku. Kafin mu biya ko sisi, ka karanta tallar shirin da kyau ka ga ko suna karɓar mai kiredit 4, domin sharaɗin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Ka kuma sani cewa cin share fage ba shi ne samun gurbi ba, sai sunanka ya fito a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbi, ka danna amincewa. Duk wanda ya ce maka zai samo maka gurbi ta bayan fage, ka turo shi wurina.

Ka ɗauki hoton takardun biyu ka aiko mini kafin Juma'a, kuma ka roƙi kawunka ya raka ka wurin rajistar, ka tabbatar an rubuta sunanka da ranar haihuwarka daidai da yadda suke a lambarka ta NIN. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.