Rahoton Ayyukan Shekara: Iskar Taya a Gona da Kan Titi

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. Aikin da ya fi cin lokacin kwamitin fasaha a bana shi ne zagayen duba iskar tayoyin tarakta da tirela, saboda koken da kuka yi ta kawowa cewa ruwa na kwanciya a gona daidai inda taya ta bi, shukar wurin kuma ba ta tasowa.

Abin da muka fi tararwa shi ne taya a cike tam da iskar titi, wajen bar 2, wato kusan psi 29, kuma da ita ake shiga huɗa. A tayar radiyal, wadda ake ganin harafin R a lambarta, ƙarfin da take danna ƙasa da shi ya ɗara iskar cikinta da kaɗan ne kawai. Taya mai tauri ƙaramin wuri take takawa, sai ta nutse ta daɓe ƙasar, ƙofofin da ruwa da saiwa ke bi su toshe. Idan aka rage iskar, tayar tana baje tafinta, nauyin ya rarrabu. A kan kwalta kuma wannan laushin illa ne: gefen tayar yana lanƙwasawa a kowane juyi, ya yi zafi da gudu, ya fara tsagewa.

Don haka muka koyar da matakai a kowane taro. A ɗora tayoyin baya a sikeli da garma a ɗage, domin a lokacin ne suka fi ɗaukar nauyi, a raba biyu a sami na kowace taya. Sannan a buɗe jadawalin kamfanin da ya ƙera tayar, a nemo iskar da ta dace da wannan nauyi a gudun da za a yi. Yawancin tayoyin radiyal kan sauka tsakanin bar 0.8 da 1.2 a gona, su koma 1.6 ko fiye a titi. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, da geji mai nuna ƙananan lambobi. Dukan taya da ƙafa ba awo ba ne, kuma radiyal mai iska daidai takan ɗan yi ciki a gefe, har mai faci ya so ya ƙara mata. Kada ku bar shi.

Gwajin da ya fi gamsar da direbobi shi ne na sulɓi. A sa alli a taya, a ƙirga juyi 10 da garma a ɗage, a auna tazarar. A maimaita da garma a ƙasa. A ce na farko ya ba da mita 45, na biyu mita 36. Mita 9 da aka rasa kashi 20 cikin 100 ne, mai da roba ke tafiya a banza, tayar kuma tana murje ƙasa. In aka rage iska zuwa abin da jadawali ya yarda, tazarar ta koma mita 40, sulɓin ya sauko zuwa kusan kashi 11, cikin 8 zuwa 15 da ake so. Amma akwai iyaka. Idan iska ta yi ƙasa fiye da kima, taya kan zame a kan rim ta yage bakin tib, musamman tsohuwar taya wadda ba radiyal ba, don ita ba ta jure laushi haka.

Inda ba mu yi nasara ba shi ne tirela, kuma dole mu faɗa. Tayoyinta ƙanana ne, iskarsu kan kai bar 3 zuwa 4, kuma a lokacin girbi take shiga gona da lodi. Rage iska saman ƙasa kawai yake ceta. Daɓewar can ƙasa, inda garma ba ta kaiwa, nauyin lodi ne ke jawo ta, balle in ƙasa na da danshi, kuma takan yi shekaru ba ta saki ba. Mun tona da shebur a bin sawun tirela muka ga saiwa ta kwanta gefe maimakon ta nutsa. Shawarar kwamiti ita ce tirela ta tsaya a bakin gona, ko ta riƙe hanya ɗaya tak, tunda takun farko ne ke yin mafi yawan ɓarnar.

Direbobi sun faɗa mana gaskiya: sakin iska ba wuya, mayar da ita kafin a hau titi ne aiki. Wanda ba shi da kwamfaresa, ya koma gida a hankali, a gudun da jadawali ya yarda da wannan iskar. A taron shekara za mu gabatar muku da buƙatar sayen kwamfaresa mai aiki da batirin tarakta da geji ga kowane rukuni, don ku kaɗa ƙuri'a a kai.