Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Yaɗa Labarai: A Daina Biyan Kuɗin Allunan Da Ƙ, Ɗ Da Ɓ Suka Lalace

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, Allah ya taya riƙo.

Ni mai tsara zane ne, fosta da allon sanarwa su ne abincina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne allunan gargaɗin amai da gudawa da ma'aikatarka ta kafa a bakin titi da daminar nan. Saƙon ya ce a rufe abinci saboda ƙuda, a ɗauki mara lafiya zuwa asibiti da wuri. Amma a inda Ƙ ya kamata ya tsaya, wani ɗan akwati ne fanko, sai UDA a gabansa. A layin ƙasa ma haka, akwati sannan AUKI. An biya kuɗin zane, an biya na bugu, an biya masu kafawa, kuma a duk cikinsu babu wanda ya tsaya ya karanta.

Ranka ya daɗe, kai ne ka ce lokacin da ka kama aiki za a riƙa isar da saƙon gwamnati cikin harshen da talaka yake ji. Mun ji daɗin maganar, kuma da ita nake riƙe ka. Wanda bokonsa ya yi nisa zai cinki kalmar ya wuce. Dattijon da ya yi yaƙi da jahilci, da yarinyar da take aji uku tana haɗa baƙi da wasali, su ne za su tsaya cak a gaban akwatin nan, kuma saboda su aka yi allon.

Na san abin da za a faɗa maka a ofis: wai kwamfuta ce ba ta jin Hausa. Ba gaskiya ba ne. Kowane ɗaya daga cikin haruffanmu masu lanƙwasa yana da lambarsa a tsarin Unicode wanda duk kwamfuta da wayar zamani suke aiki da shi. Ƙ tana U+0198, ƙ tana U+0199, Ɗ tana U+018A, Ɓ tana U+0181. Matsalar tana wajen salon haruffa, abin da ake zaɓa a ƙarƙashin Font. Kowane salo mutum ne ya zauna ya zana shi harafi bayan harafi, kuma yawancin masu ƙayatarwar nan da ake saukewa kyauta an tsaya ne a haruffan harsunan Turai. Idan manhaja ta nemi Ƙ a cikin salon ta tarar ba a zana ta ba, sai ta ajiye akwati, ko ta aro harafin daga wani salo dabam. Aron nan shi ne ke sa ka ga kalma duk kauri amma ƙ ɗinta siririya, ta ɗan zame daga layi.

Akwai wani tarko da ko masu sana'ar da yawa ba su lura da shi ba, kuma ina kyautata zaton shi ya kama allunanka. Haruffan ba a gida ɗaya suke zaune ba. Ƙananan ɓ da ɗ, wato U+0253 da U+0257, suna cikin rukunin alamomin masana furuci, wanda ake kira IPA Extensions. Manyansu kuwa, tare da ƙ da ƴ, suna cikin Latin Extended-B. Saboda haka salo yana iya ɗauke da ɗ ƙarama ba shi da Ɗ babba, ko ya zo da ƙ ya rasa ɓ. Jami'inka ya rubuta saƙo da ƙananan haruffa a Word, ya duba ya ga lafiya lau, ya sa hannu. Mai zane ya kwashe ya zuba a CorelDRAW, ya mayar da kanun manyan haruffa, ya sauya salo zuwa mai kauri don a hango daga nesa. A nan Ƙ da Ɗ suke faɗuwa, bayan mai sa hannu ya riga ya gama nasa.

Wani lokacin kuma a kwamfutar mai zanen komai daidai yake, sai an kai fayil maɗaba'a a filashi. Kwamfutar can ba ta da salon, sai ta musanya da wanda ta ga dama, injin kuma ya buga abin da aka ba shi. Maganin wannan bai kai minti ɗaya ba. A CorelDRAW a zaɓi rubutun duka a danna Ctrl+Q, wato Convert to Curves, a Illustrator kuma Create Outlines. Rubutun ya zama zane ke nan, ba ya ƙara neman salo a ko'ina. Sai dai daga nan ba ya gyaruwa, don haka a fara karantawa tsaf, a kuma adana kwafin asali gefe. Idan takarda ce mai shafuka da yawa, a fitar da ita PDF tare da salon a cikinta, a buɗe Properties a duba shafin Fonts, a tabbatar kowane suna yana da Embedded a gefensa.

Ba sai ka ware kasafi ba, ranka ya daɗe. Noto Sans, Noto Serif, Charis SIL da Andika duk kyauta ne, duk suna da haruffan takwas, manya da ƙanana. Roƙona shi ne takardar umarni guda ɗaya daga ofishinka: duk ɗan kwangilar da zai buga wa gwamnati abu da Hausa, ya fara kawo gwaji a takarda da wannan layin, cikin ainihin salon da zai yi aiki da shi, siriri da mai kauri.

```
Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ
```

In harafi ɗaya ya fito akwati, ko kaurinsa ya bambanta da na 'yan uwansa, a sauya salo. Sannan kada a saki kuɗi sai wanda ya iya karatun Hausa ya sa hannu a kan fayil na ƙarshe, wanda zai shiga inji, domin daftarin farko ba ya nuna komai. Don Allah a kuma hana dabarar da wasu ke yi in sun ga akwati, su goge su sa k ko d ba lanƙwasa. Wannan ɓoye laifi ne, kuma yana koya wa yaranmu rubutun da malami zai ci su tara a kai.

Akwai sauran ƙananan abubuwa. Har yanzu wasu sakatarori suna aiki da tsofaffin salon nan da aka ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, shi ya sa sanarwa ke isa gidajen jarida da "qasa" da "xaya". A sa musu allon rubutun Hausa na gaskiya, Windows yana da shi, Gboard ma yana da shi a waya. In kuma ka ga Æ™ a madadin ƙ a jerin sunaye, ba laifin salo ba ne, an buɗe fayil ɗin UTF-8 ne da tsohon tsari.

Ranar 26 ga Agusta za a yi Ranar Hausa ta Duniya, kuma na san ma'aikatarka za ta buga fosta. Ina roƙon a fara aiki da layin gwajin nan a kanta, a kuma sauke allunan amai da gudawar a sake buga su kafin damina ta wuce.

Wassalam.

Naka,
Wani mai tsara zane a jiharka