Sanarwa kan ikon masu sa ido

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mun gyara rabon iko a sabarmu ta Discord ta manoman Ringim, tunda jama'a sun yi yawa.

Masu sa ido za su iya goge saƙo da Manage Messages, su kuma rufe wa mai fitina baki da Timeout Members, wanda iyakarsa kwana 28. Ban Members kuwa sai shugabanni.

Mun cire musu Administrator. Wannan izini yana tsallake duk wani shinge, shi ya sa makon jiya wani ya ga ɗakin lissafin kuɗin taki, alhali a kulle yake. Laifina ne, ni na kunna masa.

Masu sa ido, in kun kasa hukunta wani, ku duba jerin muƙamai: naku na iya taɓa na ƙasa da shi ne kawai. Ku sanar da ni.