Roƙon Tallafi Daga Kwamitin Masallaci: Hotunan Asibitin Unguwa Da Abin Da Zai Iya Canzawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, dattawa, iyayenmu mata da ke can baya, matasa, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri. Ba zan ja ku da nisa ba in sha Allah.

Ga hotuna nan guda huɗu mun manna a jikin allo, na asibitin sha-ka-tafi da muke fatan ginawa a filin da aka ba masallaci wakafi. Na farko gaban ginin ne, na biyu zauren jira, na uku ɓangaren mata masu zuwa awo, na huɗu kuma kamar mutum ya hau sama ya leƙo filin gaba ɗaya. Tun ɗazu ina kallon yadda ake turereniya a gabansu, na ji wani Baba yana tambaya wai yaushe aka gama har aka shafa fenti bai sani ba. Baba, ko bulo ɗaya ba a aza ba tukuna, filin yana nan da ciyawarsa. Waɗannan hotuna kwamfuta ce ta fitar da su, mai zanen gini ya ba ta tsawo da faɗin kowane ɗaki, ita kuma ta ɗora launi da inuwa da bishiyoyi har da mutane suna tafiya, shi ya sa suka yi kyau haka, babu ƙura babu tsagewar bango.

Dalilin tsayuwata a nan shi ne kada wani ya ba da kuɗinsa saboda hoto, bayan shekara ya zo ya ga wani abu daban ya ce kwamiti ya ci amana. Gara mu faɗa muku tun yau abin da zai iya motsawa da dalilinsa.

Zane iri uku ne a harkar gini. Akwai wannan na kallo da ke gabanku. Akwai zanen aiki, wanda magini ke riƙewa a hannu, shi ke faɗin zurfin fandisho, kaurin rodi, inda bututun ruwa da wayar wuta za su bi. Sai kuma takardar lissafin kaya, wadda ake ƙirga bulo nawa, siminti buhu nawa, kwano nawa. Na farkon kawai muke da shi a yanzu. Na biyu ba zai kammala ba sai an gwada ƙasar filin, na uku kuwa daga na biyu ake ciro shi. To kun ga duk wanda ya tare ni ya ce Malam nawa aikin zai ci gaba ɗaya, in na ba shi adadi yau wallahi shaci-faɗi na yi masa.

Bari na ɗauki abu ɗaya a hoton farko mu bi shi, za ku ga yadda ƙaramin canji ke jan wani. Ku dubi gefen ƙofar shiga, akwai gangara da aka yi don keken guragu da gadon tura mara lafiya. Ƙa'idar da masu zane ke bi ita ce duk tashin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, in ta fi haka tsayuwa mai keke ba zai iya tura kansa ba, mai turo shi ma wajen saukowa keken zai ƙwace masa. A wannan hoton an ɗaga daɓen ginin santimita 45 daga ƙasa, don haka gangarar ta kama mita 5 da santimita 40, ta zauna daidai tsakanin ƙofa da bishiyar nan da kuke gani mai benci a ƙarƙashinta.

Amma waɗanda gidajensu ke kallon filin sun gaya mana, kuma mu ma mun gani da idonmu, ruwa na kwanciya a kusurwar gabas in an yi mamako. In injiniya ya auna ya ce sai an ɗaga daɓen zuwa santimita 75, gangarar ta koma mita 9 ke nan, kuma doguwa irin wannan ana so a yi mata wurin hutawa shimfiɗaɗɗe inda mai keke zai tsaya ya numfasa. Mita 9 ba za ta shiga inda aka zana ta ba. Ko dai ta lanƙwasa ta bi jikin bango, ta rufe inda aka sa benci, ko a matsar da ƙofar shiga gefe, in ƙofa ta matsa kuwa tagar karɓar kati ma sai ta bi ta, zauren jiran da ke hoto na biyu ya juya. Duk wannan daga ƙarin santimita 30 fa. Ga kuma ƙarin ciko da ƙarin layin bulo kewaye da ginin duka, wanda kuɗi ne da ba ya fitowa a hoto ko kaɗan.

Gwajin ƙasa shi ne babba. Za su zo su haƙa ramuka a wurare daban-daban cikin filin su ɗebi ƙasa su kai ɗakin gwaji. In ta fito mai ƙarfi, alhamdu lillahi, fandisho na yau da kullum ya wadatar. In kuwa laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, irin wadda ke tsattsagewa har ka sa yatsa a ciki, to sai an zurfafa ko a zuba kankare da rodi a ƙarƙashin ginin baki ɗaya kamar tabarma. Kowa a nan ya taɓa ganin bango da tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofa ta daina rufuwa, a liƙe bana ta buɗe baɗi. Sau da yawa daga ƙasa matsalar take. In haka ta faru da mu, kuɗin da ya kamata ya tafi tayil da adon gaban nan zai nutse a ƙasa inda ba mai gani, kuma mu a kwamiti mun riga mun yarda gara hakan.

Sai hoto na huɗu. Kun ga tankin ruwa da rijiyar burtsatse a kusurwa ɗaya, banɗakuna da sokawe a ɗaya kusurwar. Ba ado ba ne ya raba su, ana so a samu tazara kamar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da inda ake ɗiban ruwan sha, kuma sokawe ya kasance ta gangare, kada ya tsiyayo wa rijiya. Matsalar ita ce ruwa ba ya bin zane. Masu binciken ruwa za su iya cewa babu a wannan kusurwar sai tsakiyar fili, in rijiya ta matsa dole banɗaki ya matsa, wataƙila ma ɓangaren mata ya koma ɗaya hannun. Sannan hukumar lafiya da hukumar tsara gine-gine sai sun duba zanen sun sa hannu, suna iya cewa a faɗaɗa wannan ɗaki, a ƙara wurin wanke hannu a wancan, a ware inda za a riƙa ajiye sharar allurai da auduga nesa da inda yara ke bi. In sun faɗa za mu bi, don asibitin da ba shi da rajista ba za a turo masa ma'aikaci ko rigakafi ba.

Launin fenti, irin kwano, gilasan nan masu sheƙi, motar asibiti da ke fake a gefe, duk ku ɗauke su a matsayin kwalliya. Motar ma dai mai zanen ne ya saka ta don hoto ya cika, ba mu da ita, ba ta cikin lissafi.

Abin da ba za mu taɓa ba, kuma ku riƙe mu a kansa: ɗakin ganin likita mai ƙofa da ake rufewa don sirrin mara lafiya, ɓangaren mata da ƙofarsa da banɗakinsa daban, ƙofofi masu faɗin da keke zai wuce, wato kada su gaza santimita 90, tagogi a bango biyu masu kallon juna don iska ta ratsa zauren jira tunda masu tari ma nan za su zauna, da kuma sola ta firjin rigakafi. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi na lalata su, wasu kuma ƙanƙara ce ke kashe su, kuma kwalbar da ta lalace ba lallai ido ya gane ba. In kuɗi ya gaza za mu rage yawan ɗakuna mu bar wurinsu don gaba, amma waɗannan suna cikin kashin farko.

To yanzu ga roƙon. Abin da muke nema a wannan zagayen na abu uku ne kawai, gwajin ƙasa da binciken ruwa, zanen aiki, da kuɗin neman izini. Na san ba shi da daɗin bayarwa kamar a ce ga bulo ɗari na saya, mutum na son ya nuna wa ɗansa bango ya ce da hannuna a nan, amma ba a kai ga bango sai an wuce nan. Mai kaɗan ya kawo kaɗan, da yayyafi kogi kan cika. Lambar asusun kwamiti tana jikin takardar da aka raba muku, ba a cire ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu, wanda zai bayar hannu da hannu ya ba ma'aji ya karɓi rasit nan take, kada ka ji kunyar tambaya ko da limaminmu ne ya karɓa. Iyayenmu mata akwai Hajiyoyi biyu da aka wakilta a ɓangarenku, su ma da littafin rasit a hannunsu.

Masu niyyar kawo siminti don Allah ku dakata. Siminti ba ya son jira, in ya yi watanni a ajiye yana shan danshi ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu, bayan kamar wata uku ma injiniya zai ce sai an gwada kafin a zuba. Ku rubuta sunanku da adadin da kuka yi alkawari, ranar da za a haƙa fandisho za mu neme ku. Haka magina da kafintoci da masu walda da suka ce za su ba da kwanakin aiki kyauta, akwai shafinku daban.

Wanda kuma ya ce shi sadakarsa ta ɗakin awo ce kaɗai ko ta rijiya kaɗai, musamman masu yi wa iyayensu da suka rasu, Allah ya jiƙansu, ya faɗa a rubuta a jikin rasit. Za mu riƙe ta a kan abin da ya ambata, in zane ya canza har abin ya fita daga kashin farko za mu kira shi mu tambaye shi kafin a taɓa kuɗin.

Hotunan za su zauna a nan har mako biyu, ga littafi da biro a ƙasan allo. Duk wanda ya ga abin da bai yi masa ba ya rubuta, wanda ba ya rubutu ya faɗa wa sakatare ya rubuta masa. Musamman ungozomomi da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, da iyaye mata da suka san wahalar layin awo da goyo a baya, ku duba hoto na uku da kyau, gyara a takarda goge fensir ne kawai, in an zuba kankare kuwa sai da guduma. Da zarar sakamakon gwajin ƙasa ya fito za mu sake kiran taro mu kawo sabon zane mu ajiye kusa da wannan, kowa ya ga abin da ya motsa.

Allah ya sa albarka a dukiyarku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sakatare, bisimilla, a buɗe littafin.